Butagas ɗin Auta

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunana ba. "Kai" take ce mini, in da baƙi kuma ta ce "wannan na gidan". Kunyar ɗan fari ce. Kakanninmu suka ɗauko ta daga ƙasar Hausa a hanyarsu ta Makka, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida, kunyar kuma ta zauna tare da mu. Ƙanena kuwa, autanmu, ko tari ya yi a waya sai maƙwabta sun ji labari kafin azahar.

A shekarun da nake ba da labarinsu, kafin yaƙi ya watsa mutane, muna zaune a Dar Salam, can bayan Omdurman a ƙasar Sudan, a gidan ƙasa mai ɗaki uku da rumfa a tsakar gida. Ni da matata da yara, sai Inna a ɗakin da ke kallon gabas. Sana'ata agashe, wato naman da ake gasawa a tsinke da ƙuli da yaji a gefen garwashi. Auta shi ya yi boko, yana aikin ofis a wata gonar kaji a Soba, ƙetaren kogi, har ya gina gidan bulo a can.

Abu ɗaya nake da shi wanda Auta ba shi da shi. Kullum na dawo daga sallar asuba zan jawo kanun, ɗan murhun ƙarfen nan na gawayi, in zauna a rumfa in hura. Inna ta fito da gwangwanin bunnu, wato 'ya'yan gahawa, ta soya a kasko, ta daka da citta, ta zuba a jabana, tulun yumɓun da ake dafa ta a ciki. Ba ma hira. Amma kofin farko ni take miƙo wa, fuskarta na kallon wani wajen. Da wannan kofin nake gane cewa ta san ina nan.

Wata Juma'a sai ga Auta da motar ɗaukar kaya. Mutum biyu suka sauko da wani farin abu mai tsayin ƙugu, murhun gas mai ido huɗu, wanda a nan muke ce wa butagas, da anbuba, wato tukunyar gas ɗin, sabuwa dal. Aka shigar da shi ɗan madafinmu mai taga ɗaya. Auta ya haɗa tiyo, ya murɗa, ya ƙyasta ashana. Wuta ta zagaye idon, gajera, shuɗiya, tana ɗan huci.

Inna ta dafa ƙirji. "Auta, wannan duk nawa ne?"

"Naki ne, Hajiya. Kin huta da hayaƙi."

Ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dushe. Ni ina jingine da ƙofa. Na lissafa a raina buhunan gawayin da na shigo da su gidan nan a kafaɗata tun rasuwar mahaifinmu, ban tuna ranar da aka sa mini irin wannan albarkar da ƙarfi ba. Na ce, "Masha Allah," amma ni kaina na ji yadda ta fito.

Auta ya juyo. "Yaya, ya ka gani?"

"Wuta ce kuwa wannan? Kamar mai ciwon sanyi."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Washegari na dawo masallaci na tarar da ƙamshin gahawa ya riga ni cika gida. Inna ta dafa a ƙaramin ido, cikin ɗan tulun ƙarfe, ta sha, ta bar mini nawa a kan tire da faranti a rufe. Na tsaya da ledar gawayi a hannu kamar wanda ya zo biki bayan an watse. Na kurɓa, na ce da ƙarfi don ta ji daga ɗaki, "Gahawar gas ba ta da ɗanɗano."

Ta ce, "To a zubar."

Ban zubar ba. Amma tun daga ranar na ɗauki butagas ɗin nan abokin gaba.

Matata ita ma ta samu nata aikin. Ta taɓa ganin madafin matar Auta a Soba, komai na ƙyalli, ya tsaya mata a rai. Sai ta sayo takardar alminiyom, wadda ake ce wa gasdir, ta shimfiɗe saman butagas ɗin da ita kaf, ta cusa bakinta har ƙarƙashin kowane ido, ta danne da yatsa, don kada ko ɗigon miya ya taɓa farin fentin. In takardar ta yi datti ba ta cirewa, sabuwa take ɗorawa a kai.

Ni kuwa na ce tunda an kawo bawa gida, sai ya yi bauta. Da la'asar kafin in fita wurin sana'a, sai in ɗebo dunƙulen gawayi in jera a kan babban idon, in kunna gas a ƙarƙashinsu har su kama, in kwashe a gwangwani in tafi da su. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, gidaje da yawa haka ake kunna gawayin turare da na gahawa. Amma su ƙwaya biyu suke ɗorawa. Ni tarawa nake, ina juya su da awartaki, ina jin daɗin yadda toka ke zuba a kan kyautar Auta.

Da farko abin da na lura da shi tartsatsi ne. In na kunna, sai wasu harsuna masu ruwan goro su riƙa tsalle a cikin shuɗin, su ɓace. Bayan wasu watanni sai babban idon ya canza gaba ɗaya. Shuɗin ya koma can ƙasa, harshen ya yi tsawo, ya zama rawaya, yana lanƙwasa kamar na fitilar ƙwai, hucin nan kuma ya tafi. Sauran idanun ma bakinsu ya fara yin rawaya kaɗan. Gindin tukwane ya yi baƙi ƙirin, irin baƙin da ke bin hannu, ya bi zane, ya bi fuskar yara.

Allah ya yafe mini, ranar da na ga gindin tukunyar Inna na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da aka sauke abin. Na ɗaga tukunyar na fito da ita tsakar gida.

"Inna, kin gani? An ce kin huta da hayaƙi."

Ta ce, "Gas ɗin ne. Yanzu komai gauraya shi suke."

Na ɗauki anbuba a kafaɗa, na bi layi, na canzo wata, ba don taimako ba, don in rufe mata wannan ƙofar. Aka haɗa, aka kunna. Rawaya.

"To yanzu fa?"

Ta karɓi tukunyarta ta tafi bakin randa tana dirza ta da toka.

Na baza labari a majalisarmu ta ƙofar masallaci cewa a kasuwar Suk al-Arabi ake sayo irin waɗannan, tsofaffi, a yi musu fenti a sa a kwali. Ban ce Auta ya yi haka ba. Na dai faɗa, na yi shiru, na bar mutane su ƙarasa da kansu. Kuma a gaskiya ban ɗauki rawayar wuta wani abin tsoro ba. Ni mutumin itace da gawayi ne, duk wutar da na sani tun ina yaro ja ce ko rawaya. A ganina abin kunya ne kawai ga wanda ya kawo kayan.

Sai sanyi ya shigo. Sanyin Omdurman ba ya daɗewa, amma a gidan da ke bakin fili yana shiga ƙashi. Inna ta toshe tagar madafi da kwali, ta riƙa jawo ƙofa. Ta mayar da madafin ɗakin zamanta. Ta ɗora tukunyar ful, waken nan da ke son doguwar dahuwa, a babban ido, ta zauna a kujera 'yar tsugunno da carbinta, tana shan ɗumi tun safe har hantsi ya ɗaga.

A cikin kwanakin ne ta fara ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ta ce goshinta kamar ana matsawa. In ta miƙe sai ta dafa bango. Abinci ya daina shiga, tana cewa zuciyarta na tashi. Na kawo mata ƙwayar ciwon kai, na kawo rubutu daga wurin malaminmu, ta sha duka. Da yamma ta ɗan warware, washegari abin ya dawo.

Auta ya zo ya ɗauke ta zuwa asibiti a can wajensu. Aka auna jini, aka duba zazzaɓi, ba a ga komai ba. Ta kwana a gidansa 'yan kwanaki, ciwon ya ɗauke kamar ba a yi ba. Ya dawo da ita ranar Asabar tana tafiya da ƙafarta garau. Kafin Talata ta sake ɗaure kai.

Daren Laraba da wuri ya kira ni a waya, ina tsaye a gaban garwashi.

"Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Gidan nan ne ba ya karɓar Hajiya. Ƙura, ga hayaƙin gawayinka kullum a tsakar gida. A nan lafiyarta ƙalau. Na gyara mata ɗaki. Juma'a mai zuwa zan zo in ɗauke ta gaba ɗaya."

"Ita ta ce tana so?"

"Ta ce duk yadda muka yi."

Tsinke uku suka ƙone a gabana ban gani ba. Na san in Inna ta haye kogi da akwatinta, ni na zama baƙo mai zuwa gaisuwa ranar Juma'a, in zauna a kujerar Auta, matarsa ta kawo mini ruwa a kofin gilashi. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ya ɗora laifin a kan gawayina.

Da na koma gida matata ta ce, "Baban yara, ni ma in na daɗe a madafin nan kaina yana sarawa. In na fito sai ya sake ni. Ka kai abin nan a duba."

Na ji kamar an ba ni kyauta. Ashe butagas ɗin ne! Da sassafe na cire kan babban idon da hularsa, na naɗe a leda, na hau mota zuwa kasuwar Suk Libya. Akwai wani abokina a can, tare muka yi karatun allo, yana gyaran butagas da fitilu a wata rumfar kwano. Ba gyara na je nema ba. Shaida na je nema, wanda zai ce kayan jabu ne, in kawo shi gaban Inna ranar Juma'a ya maimaita.

Ya gan ni ya ce, "A'a, Sarkin Tsinke! Yau nama ya ƙare a duniya?"

"Duba mini wannan. Ka faɗi tsakaninka da Allah, ba tsohon kaya ba ne aka yi wa fenti?"

Ya juya shi a hannu. Ya ɗaga shi saitin rana ya leƙa. Sannan ya buga shi a kan teburinsa. Toka ta zubo, ta yi ɗan tudu. Ya sake bugawa, wata ta zubo, haɗe da maiƙo. Ya shinshina.

"Wannan kan mai kyau ne, ya fi wanda ke gidana. Amma wa yake gasa agashe a kansa?"

"Gawayi kawai nake ɗan kunnawa."

"Ɗan kunnawa! Ya zol, bawan Allah, rabin ƙofofin nan a toshe suke. Wace irin wuta yake bayarwa?"

Na ce rawaya, doguwa, tana baƙanta tukunya. Sai fuskarsa ta canza, ya ajiye wasan.

"Wa ke zama a madafin?"

"Inna."

"Taga a buɗe?"

"Ta toshe, saboda sanyi."

"Tana ciwon kai? Jiri?"

Na ce eh. Ya ce in kira gida yanzu, a gabansa, in ce a rufe anbuba, a cire kwalin taga, a buɗe ƙofa, kada a sake kunnawa sai na dawo. Na kira matata na faɗa mata.

Sannan ya jawo mini benci. Ya ɗauko wani kai irin nawa daga cikin tarkacensa ya nuna mini. Ya ce gas ba ya ci shi kaɗai. Yana fitowa ta wata 'yar ƙofa kamar bakin allura a tsakiyar gurbin idon, wadda suke ce wa foniya, yana fitowa da ƙarfi ya jawo iska ta ƙarƙashin kan, su gauraya, sannan su fita ta ƙananan ƙofofin da ke zagaye. In iskar ta isa, wuta gajera ce, shuɗiya, tana tsaye. In ba ta isa ba, gas ɗin ba ya cinyewa duka, wuta ta yi tsawo ta yi rawaya, ta bar baƙi a tukunya, ta kuma saki wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi.

"Ita ce ke sara wa Hajiya kai. A ɗaki rufe, tana iya kwantar da mutum ya ƙi tashi. Ba tsoratar da kai nake ba."

Na ce, don in samu abin riƙewa, "To ai gara mu koma gawayi."

"A rufaffen ɗaki? Shi ya fi kisa. Gawayi a fili, kai ma ka sani."

Na gaya masa tartsatsin ruwan goron da na fara gani. Ya ce wannan daban ne. In ƙura ta tashi, ko ana shara, ko gishiri ya zuba, ko toka na yawo a iska, sai ka ga ruwan goro na tsalle a cikin shuɗi yana ɓacewa, tukunya kuma ba ta baƙi. Wannan ba ya komai, da iska ta washe zai wuce. Wanda ake gudu shi ne rawaya mai zama, mai laushi, mai baƙanta gindi.

"Sauran idanun fa?"

"Bakinsu ya ɗan yi rawaya. Amma ban taɓa ɗora musu gawayi ba," na ce da sauri.

"Uwargida ta shimfiɗa gasdir?"

"Ta shimfiɗa."

"Har ƙarƙashin kai?"

"Har can."

Ya tafa hannu. "Kai ka toshe ta sama, ita ta toshe ta ƙasa. Wallahi kun dace da juna."

Ya ce in koma in yi da hannuna, ba abin wuya ba ne. A rufe anbuba tukuna, a bar ƙarfe ya huce. A cire gasdir duka. A jiƙa kawuna da hulunansu a ruwan ɗumi da sabulu, a goge da tsohon buroshin haƙori, a bi ƙofofin da siririyar waya.

"Kada ka sa tsinken agashenka, zai karye a ciki. Foniya kuwa ka share bakinta kawai da buroshi busasshe. Kada ka zura mata allura ka ce za ka buɗa ta. In ta faɗaɗa gas zai yi yawa, ka dawo inda ka fito, har ka wuce."

Ya ce a shanya su bushe sarai kafin a mayar, kowace hula ta zauna daidai a gurbinta, don ko karkacewa ta yi wutar za ta lalace. In an yi duk wannan rawayar ba ta tafi ba, to in rufe in bar shi, matsalar ta munazzim ce, wato abin da ke kan anbuba yana daidaita ƙarfin gas, ko kuma foniyar ba ta irin gas ɗinmu ba ce, kuma wannan aikinsa ne, ba nawa ba. Ya ce ko rawayar ta tafi zai biyo da yamma ya duba tiyo. A ƙarshe ya ce a gaya wa likitan da ya duba Inna abin da aka gano.

A mota ina komawa, kan butagas a cinyata, na yi ta juya abin. Na fito neman wanda zai kunyata Auta, ga shi zan koma in wanke kyautarsa da hannuna, in mayar da ita sabuwa, don Inna ta ci gaba da yabonsa. Har wani tunani ya zo mini, in ce mai gyara ya ce abin ba ya gyaruwa, a fitar da shi. Amma na san Auta. Zai ce ma'alesh, ba komai, ya ɗauki Inna, kuma ya sayo wani wanda ya fi wannan. Hanyar da za ta bar mini uwata a gida ɗaya ce, wutar nan ta koma shuɗiya kafin Juma'a.

Na tarar da Inna a rumfa, an shimfiɗa mata tabarma, ɗankwali a ɗaure. Na jawo baho na zauna nesa da ita kaɗan. Matata ta ɓamɓaro gasdir, falle a kan falle, maiƙo ya manne su. Da ta ɗaga na ƙarshe, ga toka cike da gurbin babban ido.

"Ka ga aikinka," ta ce a hankali.

"Ke kuma da kika naɗe shi kamar gawa fa?"

"Ni tsafta na yi."

"Tsaftar ce ta shaƙe shi."

"Tokar wa ce wannan? Tawa?"

Inna tana jinmu. Ta dubi ruwan bahon da ya koma baƙi, ta dubi hannuna, ta ci gaba da jan carbi. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya da wayar da na warware daga tsohuwar igiyar lantarki. Na jera kawunan a rana a kan katanga. Da suka bushe na mayar, na juya kowace hula har na ji ta zauna. Na buɗe anbuba, na ƙyasta ashana. Wutar ta zagaye babban idon, gajera, shuɗiya, da hucinta na ranar farko. Na kunna sauran, duk haka. Na ɗora wankakkiyar tukunya da ruwa har ya tafasa, na ɗaga na shafa gindinta da tsumma. Fari.

Abokina ya zo bayan la'asar kamar yadda ya ce. Ya shafa kumfar sabulu a bakin tiyo da wuyan munazzim, ya tsaya yana kallo ko za ta yi ƙwai, ba ta yi ba. Ya ce haka ake neman yoyo, ba da ashana ba. Ya gaishe da Inna, ya ce, "Hajiya, butagas na girki ne, ba na jin ɗumi ba. Taga a buɗe ko da sanyi. Gawayi kuma a tsakar gida." Bai ƙara komai ba, na kuma gode masa a raina.

Ranar Juma'a Auta ya zo da mota. Kafin ya zauna Inna ta kama hannunsa ta ja shi madafi, ta kunna babban ido da kanta.

"Ka gani? Kayanka lafiyarsa ƙalau. Dama na faɗa, Auta ba ya sayen abin banza."

Ina tsakar gida, yatsuna duk sun yi kanta da sabulu da waya.

Na ja shi gefe na gaya masa abin da mai gyara ya ce game da iskar nan, da tagar da aka toshe, da tokar, da gasdir. Sai ya kira likitan a waya. Likita ya ce abin ya yi kama, a bar ta a iska, in ciwon ya dawo ko ta rikice a kawo ta nan take. Duk da haka Auta ya ce gara ta bi shi, hankalinsa zai fi kwanciya.

Inna ta ce, "Tun jiya kaina bai sara ba. A bari mu gani."

Ya dawo Juma'a ta gaba, ɗankwalin Inna yana ɗaure yadda mata ke ɗaurawa don ado. Ya sake tayar da maganar. Tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba.

"Likita ya ce in riƙa zama a iska. Na koma shan gahawata a rumfa, ta gawayi. A gidanka wa zai hura mini? Kai da ko ashana sai ka ƙyasta uku kafin ta kama?"

"Hajiya, ai akwai butagas a can ma."

"Na nan ya ishe ni. Wanda ka kawo."

Haka ya koma Soba da motarsa ba akwati. Har ƙofa na raka shi, na sa masa agashe a takarda ya kai wa yara, mai yawa, fiye da yadda na saba.

Washegari na dawo daga masallaci na tarar da kanun a tsakiyar rumfa, an share tokarsa, ledar gawayi a gefe. Na zauna na hura da mafici. Ta fito da gwangwanin bunnu, ta soya, ta daka. Ta tagar madafi ina hango matata ta ɗora ruwan shayin yara, wutar na tsaye a ƙarƙashin buta, shuɗiya, ba ko ɗigon rawaya. Ba zan yi ƙarya ba, ganinta bai yi mini daɗi ba, har yau in na ga irinta sai wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙirji, ina istigfari.

Inna ta zuba kofin farko. Ta miƙo mini, fuskarta na kallon madafi.

"Allah ya yi wa Auta albarka," ta ce. "Dubi wuta kamar a Soba."

Na ce amin, na karɓa. Cittar ta ɗan yi yawa, yadda nake so.